Yadda ake gane furotin da kabohaidiret na kwanon kunun gero ko na dawa daga nauyin gari

'Yar'uwa, in kina da mai ciwon suga a gida, ko kina yaye yaro, ko kina jinyar wani da likita ya ce a kula da abin da yake ci, to za ki so ki san ainihin abin da ke cikin kwanon kunun da kike miƙa mishi. Ni Babanmu nake damawa, kuma na daɗe ina wannan lissafin har ya zame min jiki. Maganar ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe, ruwa baya ƙara komai kuma baya rage komai, duk furotin, wato sinadarin gina jiki, da kabohaidiret, wato sitaci da suga, da ke cikin kunu daga gari suka fito da kuma abin da kika zuba a kai. Dan haka busasshen gari ake aunawa, sai a gano kason tukunya nawa ya shiga kwano.

Kayan da za ki tanada

Sikeli na kicin, irin mai batir ɗin nan da ke nuna giram ɗaya-ɗaya kuma yake ɗaukar har kilo 5. Ana samun shi a shagunan kayan kicin a babbar kasuwar Garwa ko ta Marwa, 'yan Kusiri kuma ko sun tsallaka Njamena za su samu. Sikelin masu nama ko na masu awon hatsi bai dace ba, shi rabin kilo da kilo ya sani, giram 40 ba ya ganinta. Sai tukunyar da kika saba damu a ciki, kwanon da mai shan yake sha da shi, ludayi ɗaya da ba za ki dinga canjawa ba, faifai ko ɗan katako da za ki ɗora tukunya mai zafi a kai, da littafi da biro. Kalkuleta na waya ya isa. Sai garin kanshi, busasshe, da duk abin da kike sawa a kunu: suga, markaɗaɗɗiyar gyaɗa, madara ko kindirmo, tsamiya, 'yar shinkafa in kina sawa.

In ba sikeli kar ki bari ya hana ki, akwai hanya a ƙasa, amma ki fara karanta ta mai sikeli dan ki gane inda lissafin ya dosa.

Lambobin da za ki riƙe

A cikin giram 100 na busasshen garin gero akwai furotin wajen giram 10 zuwa 11, kabohaidiret kuma wajen giram 70. Garin dawa furotin ɗinshi ya ɗan fi ƙasa, wajen giram 9, kabohaidiret shi ma wajen 70. Ni da 10 da 70 nake aiki a gero, da 9 da 70 a dawa. Sauran giram ɗin da suka cike ɗarin, danshi ne da ɗan mai da ƙaiƙayin da jiki baya narkarwa.

Za ki ga wani littafi ya ce 67 wani ya ce 75, kar ki ruɗe. Wasu suna haɗawa da ƙaiƙayin dusa a cikin kabohaidiret wasu suna cire shi, sannan hatsi ma ba ɗaya bane, muskuwari da ake nomawa da rani a ƙasar karal ba ɗaya yake da jar dawa njigari ta damina ba, haka berbere na Cadi, ko gona ɗaya ce bana da bara sukan bambanta. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana da jadawalin abincin Afirka ta Yamma da ta fitar a 2012 ta sabunta a 2019, ma'aikatan gina jiki da irinshi suke aiki, kuma a ciki ma za ki ga gero ya kasu kala-kala, mai dusa daban surfaffe daban. Abin da ya shafe ki shi ne in an surfe hatsin sosai an tankaɗe garin ya yi laushi, dusa ta tafi da wani abu na furotin, sitaci kuma ya ƙara rinjaye, to sai ki rage furotin da giram ɗaya ki ɗaga kabohaidiret zuwa 73 ko 75. A kwano ɗaya wannan bambancin bai wuce giram 2 ko 3 ba. Kuskuren da ke ɓata lissafi da gaske ba a nan yake ba, yana wajen rashin auna gari da mantawa da suga.

1. Auna tukunya da kwano tun suna wayam

Kunna sikeli, ki tabbata a kan g yake, ba oz ba ba ml ba. Ɗora faifan ki danna maɓallin da aka rubuta TARE ya koma sifili, sannan ki ɗora tukunya ba murfi ba ludayi ki rubuta. Haka kwanon. Sau ɗaya za ki yi wannan, ki rubuta a bangon littafi shikenan. A misalin da za mu bi tukunyar giram 850 ce.

2. Auna busasshen gari kafin ya ga ruwa

Ɗora roba ki danna TARE, ki zuba garin da za ki dama. Mu ce garin gero giram 300, na kunun safe na gida duka.

Ki kula da danshi a nan. Garin da aka dawo da shi daga inji bayan an surfe gero an wanke, sau da yawa yana da laima, in kika damƙe shi a hannu kika sake sai ya tsaya a dunƙule. Irin wannan ya fi nauyi saboda ruwan da ke cikinshi, lambobinmu kuma na busasshe ne, to in kika auna shi haka za ki lissafa furotin da sitacin da babu su. Ki shanya shi a tabarma ko tire har ya sha iska, in kika damƙa ya warwatse, sannan ki auna. Da hunturu ba ruwanki da wannan matsalar, a watan Agusta ne ake fama.

Kuma abin da ya shiga tukunya za ki auna. In kin auna 300 sannan kika tankaɗe kika zubar da tsaki, ba 300 bane ya shiga. Tankaɗe tukunna, auna daga baya.

3. Auna duk abin da za ki ƙara, kowanne shi kaɗai

Suga gaba ɗayanshi kabohaidiret ne, giram 10 na suga giram 10 ne na kabohaidiret, furotin babu ko kaɗan. Mu nan da suga mai ƙwaya muka fi aiki, ƙwaya ɗaya tana wajen giram 5 zuwa 6, ki ɗora guda goma a sikeli ki raba da goma ki san ta kwalin da kike saye. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa, giram 100 tana da furotin wajen 25 da kabohaidiret wajen 15. Madarar gari mai mai, furotin wajen 26 kabohaidiret wajen 38, amma ki duba jikin gwangwani ko leda, inda aka rubuta Protéines da Glucides a layin giram 100, dan akwai wadda ake sayarwa a ƙulli da aka haɗa da man itace, furotin ɗinta bai kai haka ba. Kindirmo giram 100 yana ba da furotin wajen 3 da rabi, kabohaidiret 4 zuwa 5, in ba a tsinka shi da ruwa ba. Ɗanyar shinkafa da wasu ke jefawa kunun gyaɗa, furotin 7 kabohaidiret wajen 80, ita ma tana busasshiya ake auna ta.

Kanwa, citta, kanumfari, barkono, lemon tsami, ki bar su, ba sa canja komai a wannan lissafin. Tsamiya tana da ɗan zaƙi a jikinta, amma 'yar wadda ake jiƙawa a tace in ta rabu a tukunya guda abin da ke zuwa kwano kaɗan ne, ni ba na sa ta sai in na zuba da yawa.

A misalinmu mun sa suga ƙwaya 12, wato giram 60, da gyaɗa giram 60, ruwa kuma lita 2 da rabi.

4. Lissafa abin da ke cikin tukunya gaba ɗaya

Tun kafin kunu ya nuna za ki iya wannan. Kowane kaya ki ninka nauyinshi da lambarshi ki raba da 100.

Gari: 300 × 10 ÷ 100 = furotin giram 30. Sai 300 × 70 ÷ 100 = kabohaidiret giram 210.
Gyaɗa: 60 × 25 ÷ 100 = furotin giram 15. Sai 60 × 15 ÷ 100 = kabohaidiret giram 9.
Suga: kabohaidiret giram 60.

In kika haɗa, tukunyar tana da furotin giram 45 da kabohaidiret giram 279. Wannan adadin ya zauna kenan, ko kin ƙara ruwa lita guda, ko kin bar kunun a wuta ya yi kauri, 45 da 279 ne dai a cikin tukunyar. Dahuwa ba ta ƙone furotin ko sitaci su ɓace, garin dai ya sha ruwa ya kumbura.

Ki lura da wani abu a nan, gyaɗa giram 60 kacal ta ba da rabin furotin ɗin da gari giram 300 ya bayar. Shi yasa nake son mutane su yi lissafin da hannunsu ko sau ɗaya, dan wanda ya ga wannan da idonshi ba sai an roƙe shi ya sa gyaɗa a kunun yaro ba.

5. Dama kunu, sannan ki auna tukunyar da kunun a ciki

Ki dama yadda kika saba, ba abin da za ki canja. Da kin sauke, ɗora faifai a sikeli, danna TARE, sannan tukunya a kai, ba murfi ba ludayi kamar yadda kika auna ta da farko. Kar ki ɗora tukunya mai zafi kai tsaye a kan sikeli, robar za ta narke ko gilashin ya tsage. In tukunyar ta fi kilo 5, ki juye kunun a roba biyu ki auna kowacce ki haɗa, sai ki cire nauyin robobin maimakon na tukunya.

Mu ce sikeli ya nuna 3,650. Cire nauyin tukunya 850, saura 2,800. Kunun giram 2,800 ne.

Wata za ta ce me ya sa ba za a haɗa nauyin ruwa da gari da suga da gyaɗa kawai a huta ba. In kika haɗa namu za ki samu 2,920, amma abin da ya fito 2,800 ne, sauran ya tafi a tururi. A kunu mai saurin dahuwa bambancin kaɗan ne, amma wanda ya jima yana tafasa, ko kika yi ta ƙara ruwa da ido kina tsinkawa, ba za ki taɓa sanin nauyinshi ba sai kin auna a ƙarshe. Kuma wannan shi ne daɗin hanyar, ba sai kin auna ruwa ba sam.

6. Auna abin da kika zuba a kwano

Ki juya kunun da kyau har ƙasa kafin ki ɗiba, musamman in da shinkafa ko gudaji a ciki, dan suna kwanciya a ƙasa, wanda aka zubawa na sama ya sha ruwa-ruwa na ƙarshe kuma ya kwashe nauyin. Ɗora kwano, TARE, zuba. Mu ce giram 400.

7. Raba

Ki raba nauyin kunun tukunya da na kwano: 2,800 ÷ 400 = 7. Wato tukunyar kwano 7 ce, wannan kwanon kuma ya ɗauki kashi ɗaya cikin bakwai na duk abin da ke ciki.

Furotin: 45 ÷ 7 = giram 6 da ɗan ɗori, wajen 6.4.
Kabohaidiret: 279 ÷ 7 = wajen giram 40.

In kina son ki ga na garin shi kaɗai, 300 ÷ 7 ya ba da gari giram 43 a kwanon, wanda ya kawo furotin wajen giram 4 da kabohaidiret giram 30. Kin ga kwanon da ya cika hannu, mai nauyin giram 400, garin da ke ciki bai kai giram 50 ba, sauran kusan duk ruwa ne.

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa babban kuskure. Sai mutum ya auna kwanon kunu ya ga 400, ya ɗauko lambar gari ya ninka, ya samu kabohaidiret giram 280 da furotin giram 40, mai ciwon suga ya firgita ya daina shan kunu gaba ɗaya, uwa kuma ta ɗauka yaronta ya samu furotin ɗin da ya ishe shi alhali bai samu ko kwata ba. Lambar 10 da 70 ta busasshen gari ce, ba ta dafaffen kunu ba. In lissafinki ya nuna kwanon kunun da ake kurɓa yana da kabohaidiret fiye da giram 100, ki koma ki duba, akwai inda kika haɗa su.

8. Ƙara abin da aka sa a kwano bayan an zuba

Wannan ba a raba shi da bakwai, na mai kwanon ne shi kaɗai. In Baba ya jefa suga ƙwaya 3 a nashi, giram 15 kenan, 40 ta koma 55. Ƙwaya ukun nan rabin kabohaidiret ɗin da garin kwanon gaba ɗaya ya bayar ne, kuma su ne aka fi mantawa da su wajen lissafi dan ba a kicin aka sa su ba. In kindirmo ya zuba giram 100, ƙara furotin 3 da rabi da kabohaidiret 4 ko 5. Ƙosai ko fanke ko burodin da aka ci da kunun nasu lissafin daban ne, kar a ɗora wa kunu.

Shi yasa a gidan da akwai mai ciwon suga na fi son a dama tukunya ba suga, kowa ya sa a kwanonshi. Da haka muka yi a misalinmu, kwanon Baba zai tsaya a wajen giram 31, furotin kuma yana nan 6.4 ɗinshi.

Sai ragowar. In an bar kunu a kwano ki auna abin da ya rage ki cire. Yaron da aka zubawa giram 200 ya sha 120, lissafin 120 za ki yi. Ƙanzon da ya kama gindin tukunya kuwa in ɗan kaɗan ne ki share shi, in ya kama sosai to ki sani kwanon ya ɗan gaza abin da kika lissafa.

In da ƙullu ko gasara kike damawa

Koko da kunun tsamiya da yawa ba daga busasshen gari ake yinsu ba, jiƙa gero ake a markaɗa a tace a bar shi ya kwanta. Wannan ƙullun kusan rabinshi ruwa ne, kuma ruwan ya danganta da yadda kika tsiyaye shi, dan haka ba za ki ninka nauyinshi da 70 ba. Kuma ba za ki yi aiki da nauyin geron da kika jiƙa ba, tunda dusar da ta tsaya a rariya ko a ƙyallen tata ba ta shiga tukunya.

Ga yadda nake yi. Ki tsiyaye ruwan sama kamar kullum, ki ɗebi ƙullu giram 100 daidai, ki baza shi siriri a tire ki rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura, ki sa a rana har ya bushe ƙamas yana marmashewa. Auna. In gobe kika sake aunawa nauyin bai ƙara sauka ba, ya bushe. Mu ce ya koma giram 50, to ƙullunki rabi-rabi ne, duk randa kika dama ƙullu giram 500 ki lissafa shi a matsayin gari giram 250. Muddin tsiyayarki ba ta canja ba wannan awon zai yi miki aiki na dogon lokaci.

Tatacciyar gasara ta fi gari sitaci kuma ta fi shi ƙarancin furotin, dan tata tana cire dusa da wani sashe na ƙwayar, ruwan da ake zubarwa ma yana tafiya da wani abu. Ni a busasshen nauyinta furotin 8 nake sawa da kabohaidiret 75. Tsamin da take yi in ta kwana yana cin ɗan sitaci amma kaɗan ne, kar mai ciwon suga ya ɗauka koko mai tsami ba shi da kabohaidiret.

In ba ki da sikeli

Hanyar da ta fi ita ce ki ari sikeli na yini ɗaya, wajen maƙwabciya mai yin kek ko mai shago, ki auna ma'aunanki ki rubuta. Ki cika kofin da kike ɗiban gari da shi, ki shafe bakin da wuƙa ba tare da kin danna ba, ki auna sau biyu ko uku ki ɗauki na tsakiya. Haka cokalin gyaɗa, haka ƙwayar suga. Daga ranar kofin ya zama sikelinki, da sharaɗin kullum a shafe kike cika shi, dan tozon da ake yi wa kofi yau babba gobe ƙarami shi ke kawo bambancin giram 20 ko 30.

In aron ma bai samu ba, ki riƙe cewa gari a sake nauyinshi wajen rabin na ruwa ne. Kofin da ke cin ruwa kwatan lita, wato mililita 250, zai ci gari wajen giram 125 zuwa 135. Babban cokalin cin abinci a shafe wajen giram 8. Dan ki san girman kofinki, ki cika gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi da shi kina ƙirgawa, in kofi 6 ya cika ta to na kwatan lita ne.

Tukunya kuma sai ki ƙirga ta da ludayi. Ki rabe kunun duka kina ƙirgawa, in ludayi 21 ya fito kuma 3 kika zuba a kwanon Baba, 21 ÷ 3 = 7, mun dawo kan kashi ɗaya cikin bakwai ɗinmu ba tare da an auna komai ba. Ki dai cika ludayin daidai kowane zubi. Wannan hanyar za ta iya kauce miki da giram 5 ko fiye a kwano, ta wadatar wa wadda ke son sanin ko kunun yaro na da ƙarfi, amma ga mai allurar insulin da ake daidaita mishi magani da abinci, dan Allah a nemi sikeli, kuma a kai wa likitanshi littafin ya gani.

Kunun da aka saya a bakin hanya ko aka aiko da shi daga maƙwabta da azumi, ba ki ga garinshi ba, sai ƙiyasi. Kunun da ke zuba daga ludayi yana da gari wajen giram 8 zuwa 12 a kowane giram 100, mai ruwa ki ɗauki 8, mai kauri 12. Kwano giram 400 na mai matsakaicin kauri gari giram 40 kenan, furotin 4 kabohaidiret 28. Sugan da mai kunun ta zuba shi ne ba ki da hanyar sani, in ya yi zaƙi sosai ki ƙara giram 20 zuwa 30 a kai.

Kauri ba ya faɗin gaskiya kullum

Akwai garin tsiro, wato gero ko dawa da aka jiƙa ta tsira aka shanya aka niƙa. In kika barbaɗa ɗan cokali a kunu mai kauri yana da ɗumi, nan da nan zai tsinke ya zama ruwa-ruwa, saboda tsiron yana yanka sitaci ya koma ƙananan suga. Kabohaidiret ɗin yana nan bai ragu da ko giram ɗaya ba. Ga yaron da ake yayewa wannan alheri ne, cikinshi ƙarami ne, kunun ruwa giram 200 mai gari giram 16 ko 20 furotin giram 2 kawai zai ba shi ya cika mishi ciki, amma da garin tsiro za ki iya ninka garin a ruwa ɗaya kuma ya shanye ba wahala. Ki dai mayar da kunun wuta ya sake tafasa bayan ya tsinke kafin ki ba yaro. Ga mai ciwon suga kuwa irin wannan kunun yaudara ne, ido zai ga ruwa alhali garin biyu ne a ciki. Wanda ya auna gari tun farko ba zai ruɗu ba.

Abin da lambar furotin ba ta faɗa miki

Babban mutum yana buƙatar furotin wajen giram 0.8 a kowane kilo na nauyin jikinshi a yini, mai kilo 60 wajen giram 50 kenan. Kwanon kunun gari zalla giram 4 ya kawo, ki ga nisan tafiyar. Sannan furotin na gero da dawa yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wanda jiki ke buƙata kafin ya yi gini da sauran, kuma na dawa in an dafa shi da ruwa narkewarshi a ciki tana raguwa, jar dawa mai ɗacin baya ta fi wannan matsalar. Barin ƙullun dawa ya yi tsami kafin a dama yana taimakawa. Dan haka giram 4 na kunun dawa bai kai giram 4 na madara ko ƙwai amfani a jiki ba, duk da lambar ɗaya ce a littafi.

Gyaɗa tana ƙara yawan furotin da ƙarfi sosai, amma wajen laisin madara da waken soya da wake sun fi ta. In za ki haɗa garin yaye, gero giram 300 da soyayyen garin soya giram 100, soya tana da furotin wajen 35 a ɗari, to 30 da 35 sun zama 65 a gari giram 400, wato wajen giram 16 a kowane giram 100 maimakon 10. Kabohaidiret ɗin haɗin kuma zai sauka zuwa wajen 60. Ki rubuta sabbin lambobin a takarda ki manna a jikin robar garin, duk randa kika dama daga ita da su za ki ninka a mataki na 4.